Wasiƙar da zan ba ɗan baffana kafin ya tafi jami'a: ku duba mini maganar kama ɗaki

Yaya_Hajjo:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗan baffana ya samu gurbin karatu a jami'a, a wani babban birni da bai taɓa zama ba. Shekararsa 18. Bai samu wuri a ɗakunan kwanan ɗalibai ba a rabon farko, don haka dole ya nemi haya a waje. Baffa ya ce tunda na yi zaman birni, in rubuta masa abin da zai riƙe. Nasihar tarbiyya iyayensa sun yi masa, kuma sun fi ni iyawa. Ni abu ɗaya na ɗauka, wato kama ɗaki, domin a nan ne kuɗi mafi yawa zai fita daga hannunsa lokaci guda, a daidai makon da bai san kowa ba, bai san gari ba. Ga abin da na rubuta, ku gyara mini don Allah.

"Ƙanina, bayan gaisuwa da taya murna. Ka karanta wannan kafin ka miƙa wa kowa kuɗi da sunan haya.

Kada ka biya kuɗin ɗakin da ba ka shiga da ƙafarka ba. Hoto ba ɗaki ba ne, bidiyo ma haka. Wanda zai karɓi kuɗinka ya zo da makulli ya buɗe ƙofar a gabanka. In an ce mai gida ya yi tafiya, ka tura kuɗi a ajiye maka makulli, ka haƙura da ɗakin komai kyansa. In an ce akwai mutum uku da ke jira, sai ka biya yau ko ka rasa, ka ce ka ji, za ka dawo gobe. Mai son ya cuce ka ba ya son ka kwana da magana, domin ya san da safe za ka tambayi wani.

Na biyu, abin da mai gida ya faɗa ba shi ne duk kuɗin ɗakin ba. Ka haɗa da kuɗin motar da za ka riƙa biya kullum zuwa makaranta da dawowa, da na wuta da ruwa, sannan ka gwada shi da wani ɗakin. Ɗakin da ke nesa mai araha yakan fi na kusa tsada in an yi lissafi.

Na uku, duk abin da kuka yi magana a kai ya shiga takarda: sunan mai gida, sunanka, ranar shiga, ranar ƙarewar haya, abin da ka biya, da wanda zai yi gyara in wani abu ya lalace. Ka karɓi rasit, ka ɗauki hotonsa ka turo mini. Yayarka."

Abban_Khalifa:
Wa alaikumus salam. Allah ya saka da alheri Yaya, ya ba yaro sa'a. Ni dai ban ga abin gyara ba.

Malam_Lissafi:
Wasiƙa ta yi, amma sakin layi na biyu yaro ba zai ji nauyinsa ba sai an yi masa lissafin a gabansa. Bari in gwada. Mu ɗauka duk kuɗin da yake da shi na wata ɗaya kaso 100 ne. Ɗaki na farko yana kusa, tafiyar minti 15 a ƙafa, in an raba hayarsa ta shekara gida 12 tana cin kaso 35 a wata. Na biyu yana nesa, minti 50 a mota, hayarsa kaso 22. Kowa zai ce na biyu ya fi sauƙi da kaso 13. To amma a ce kuɗin mota zuwa da dawowa kaso 1 ne a rana. Kwana 22 na zuwa makaranta a wata ya zama kaso 22 ke nan. Ɗakin nesa ya koma 44, na kusa yana nan a 35. Ki sa masa wannan misalin, ki ce ya cire lambobina ya sa na gaskiya da zai tarar.

Bint_Usman:
Malam, da ɗan gyara a lissafin nan. Haya ana biyanta wata 12 ko yaro yana gari ko yana hutu, amma kuɗin mota sai lokacin da ake karatu. A ce wata 8 ne ake zuwa makaranta a shekara. Ɗakin kusa 35 sau 12, ya ba da 420. Na nesa 22 sau 12 ya ba da 264, a ƙara kuɗin mota 22 sau 8, wato 176, jimla 440. Ka ga tazarar 20 ce kawai a duk shekara, ba 9 kowane wata ba. Kusan kunnen doki suka yi.

Malam_Lissafi:
Gyaranki daidai ne Bint_Usman, a yi amfani da naki. Sai dai ko da kuɗin ya zo ɗaya, lokaci bai zo ɗaya ba. Minti 50 da minti 15, tazarar minti 35 ke nan a kowace tafiya, minti 70 a rana. A kwana 5 ya zama awa 5 da minti 50. In zangon karatu mako 15 ne, ya haura awa 87 da yaro zai ƙarar a hanya fiye da abokinsa na kusa. Kuma wannan in hanya ta yi kyau ne. Sannan akwai bambanci tsakanin kuɗaɗen biyu: haya in an biya an sa hannu, ta tsaya har shekara ta ƙare, shi kuwa kuɗin mota yana iya tashi a tsakiyar zango ba wanda ya yi shawara da kai. Abin da na fi gani yana kayar da ɗalibai shi ne ranar da ake da lakca ƙarfe 8 na safe, wata kuma sai 4 na yamma. Na kusa zai koma ɗaki ya huta ya yi karatu. Na nesa ko dai ya yini a makaranta, ko ya biya mota sau biyu, ko ya bar ta yamman. Da yawa na ukun suke zaɓa, a hankali har ya zama jiki.

Garba_Mai_Haƙuri:
Duk na ji lissafinku, amma kun manta da uban da zai fitar da kuɗin. Ni na kai yara jami'a, na san yadda abin yake. In mai gida na shekara yake karɓa, 420 ɗin nan a dunƙule za a nema, a watan da ake biyan kuɗin rajista. Shi kuwa 264 ana iya haɗawa, kuɗin motar a riƙa lallaɓawa wata-wata. Ba rashin iya lissafi ke sa mutane kama ɗakin nesa ba, abin da ke hannu ranar biya ne. Kada a rubuta wa yaro abin da zai sa ya ga kamar mahaifinsa ya gaza.

Yaya_Hajjo:
Baba Garba, wannan magana ta shige ni. Zan sassauta wurin, in ce ya kawo wa Baffa lissafin ɗakunan biyu su yanke tare, ba wai in ce lallai na kusa ba.

Saddiqu_Gidaje:
Hajiya wace unguwa yake so? Ɗaki ɗaya ne ko ciki da falo? Ki yi mini magana ta gefe, ina da ɗakuna masu kyau, yau ma zai iya shiga.

Ummu_Hanan:
Malam Saddiqu ba ɗaki ta zo nema ba, wasiƙa ta kawo a duba mata. Ko sunan garin ba ta faɗa ba.

Saddiqu_Gidaje:
Afuwan, sama-sama na karanta. Yanzu na koma na bi ta daga farko. Tunda sana'ata ce bari in faɗi nawa. Ba duk dillalin da ya ce akwai masu jira ne maƙaryaci ba. A makon da ake buɗe jami'a ɗakunan kusa da makaranta ba sa kwana, wallahi gaskiya ne. In yaro ya ce zai dawo gobe, sau da yawa zai dawo ya tarar an kama. Kuma kuɗin zuwa ganin ɗaki da wasu ke kuka da shi, mu ma lokacinmu muke ɓatawa muna yawo da mutum gida-gida ya ƙi kamawa. Abin da zan ce shi ne ya nemi dillali mai ofis ko wurin zama da aka san shi da shi. Wanda yake da wuri ba ya guduwa.

Lauya_Sadiya:
Rabin maganar Malam Saddiqu gaskiya ce. Ɗakuna suna ƙarewa da wuri a farkon zango, shi ya sa maganin shi ne yaro ya isa garin tun kafin a buɗe makaranta, ba ya biya cikin gaggawa ba. Amma samun ofis bai isa hujja ba. Dillali yana iya zama na gaskiya, ga wurin zamansa, amma ɗakin da ya nuna ba a ba shi izinin bayar da shi ba.

Yaya Hajjo, inda nake ganin giɓi a wasiƙarki shi ne kin tsaya a kan makulli. Makulli yana nuna mutum yana iya shiga ɗaki ne kawai, ba ya nuna yana da ikon ba da haya. Damfarar da ta fi wahalar ganewa da makulli ake yinta. Ɗan haya ne wanda wa'adinsa ya rage wata ɗaya ko biyu, ya kwashe kayansa, ya nuna ɗakin a matsayin nasa ko na ɗan uwansa, ya karɓi kuɗin shekara. Yaro zai shiga ya zauna lafiya, sai wa'adin wancan ya cika, mai gida na gaskiya ya zo ya ce wane ne kai. Wani lokaci kuma ɗaki ɗaya ake karɓar kuɗinsa a hannun mutum uku, kowa a ba shi ranar shiga daban.

Yadda ake gane wannan ba wuya. Bayan an nuna masa ɗaki, ya koma shi kaɗai ba tare da dillalin ba, ya gaida mutanen da ke zaune a gidan, ya tambaye su wa suke biya haya kuma yaya sunansa. Mutum biyu daban-daban ya tambaya. Sunan da suka faɗa shi ne ya kamata ya gani a takardar yarjejeniya, kuma shi ne ya kamata ya fito a asusun bankin da zai tura kuɗi. In sunayen nan uku ba su zo ɗaya ba, ya tsaya ya nemi bayani. Yana yiwuwa wakili ne ke kula da gidan, wannan ba laifi ba ne, amma sai ya ji daga bakin mai gidan, ko ya ga takardar wakilci. Kuma ya biya ta banki in da hali, ya rubuta dalilin biyan a wurin da ake rubuta bayani, domin wannan shaida ce da ba ta ɓata kamar rasit.

Dokar haya ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, wani lokaci daga jiha zuwa jiha, musamman kan tsawon wa'adin da ake ba mutum kafin a tashe shi. Ya tambayi ofishin kula da harkokin ɗalibai na jami'arsa yadda abin yake a wurinsu.

Ummu_Hanan:
Abin da Lauya ta faɗa ya faru da ƙawata da muka yi aji ɗaya. Wata ɗaliba mai shirin kammalawa ce ta sayar mata da abin da ta kira ragowar hayarta, ta ce saura wata takwas. Ashe saura biyu. Mai gidan bai ma san an yi ba. Tana tsakiyar jarrabawa aka ce ta biya sabuwar haya ko ta fita, ita kuma waccan ta bar gari ta canza lamba. Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne ɓoyewar da ta yi wa iyayenta saboda kunya, ta yi ta cin bashi. Yaya Hajjo ki ƙara masa cewa in an cuce shi ya faɗa a ranar, ba za a yi masa faɗa ba. In ta banki aka tura, kai rahoto da wuri shi ne kaɗai ɗan abin da ke ba da fatan a tsayar da kuɗin.

Ɗan_Kwamfuta:
Ga ɗakunan da ake tallatawa a intanet, ya sa hoton a manhajar binciken hoto ta Google Lens ya bincika. In hoto ɗaya ya fito a tallace-tallace daban-daban, da garuruwa daban, da lambobi daban, an gama magana. Amma in bai fito ba kada ya ɗauka an wanke mai tallan, domin mutum yana iya ɗaukar hoton ɗakin da ba nasa ba da wayarsa.

Injiniya_Bello:
Kun yi maganar kuɗi da takarda, ba wanda ya ce ga abin da zai duba in ya shiga ɗakin. Yaro ɗan 18 fenti zai kalla. Ya dubi ƙasan bango, daga daɓe zuwa gwiwa. In akwai layi mai duhu da ya zagaye ɗakin, ko fenti yana kumbura yana ɓarewa, ko akwai farin gari kamar gishiri a jikin bangon, danshi ne ke hawowa ko ruwa yana shiga. In kuma ƙasan bangon kaɗai aka yi wa sabon fenti, ya tambayi dalili. Ya ɗaga kai ya dubi silin, tabo mai ruwan ƙasa yoyo ne. Ya buɗe famfo da hannunsa, ya sa cajarsa a kowane soket, ya rufe ƙofa ya kira wani a waya ya ga ko akwai sabis a ciki.

Mitar wuta kuma ya tambaya: tasa ce shi kaɗai ko ta haɗaka? In ta haɗaka ce, yaya ake raba kuɗin, da yawan ɗakuna ko da yawan mutane ko da kayan wuta? Akwai tsohon bashi a kanta? Ranar shiga ya ɗauki hoton lambar da ke jikin mitar, ya ɗauki bidiyon ɗakin gaba ɗaya da duk wani tsagewa ko abin da ya karye, ya tura wa mai gida ta saƙo. Ranar fita wannan ne zai hana a ci kuɗin da ya ajiye saboda ɓarna a kan abin da ya tarar a lalace. Ya canza kwaɗo ko makullin ƙofa da sanin mai gida, domin bai san mutum nawa ke da kwafin tsohon ba.

Nas_Rabi:
Zan ƙara ɗaya a kan na Injiniya, domin mu a asibiti muke ganin ƙarshensa. Ya duba ko taga tana buɗewa, ya kuma duba inda ake ajiye janareta a gidan. Hayaƙin janareta da na gawayi suna ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ita kanta ba ta da wari ba ta da launi. Tana farawa da ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, mai barci kuwa yana iya wucewa bai farka ba. Alamar da ke tona ta ita ce mutanen ɗaki su yi ciwon kai tare, in sun fita waje su ji sauƙi. Kada a kunna janareta a baranda mai rufi ko kusa da taga, kada a shiga da gawayi ɗaki a rufe don jin ɗumi. In ɗakin da aka nuna masa tagarsa tana kallon wurin janareta, ni dai ban yarda ya kama ba ko kyauta ne.

Abban_Khalifa:
Subhanallahi. Wannan ta Nas ita ya kamata ta zo farko a wasiƙar ma.

Bint_Usman:
Mu koma kan maganar Baba Garba. In 420 ta yi nauyi, su haɗu su biyu a ɗakin kusa, kowa 210. Ya fi 264 na nesa sauƙi, ga shi babu kuɗin mota.

Lauya_Sadiya:
Hanya ce mai kyau, amma da sharaɗi. A tambayi mai gida tun farko ko ya yarda da mutum biyu, kuma sunayensu duka su shiga takarda. In sunan ɗaya ne kawai, shi kaɗai mai gida ya sani. In sunan ƙaninki ne, duk ɓarnar da abokin ya yi shi za a bi. In sunan abokin ne, ranar da suka saɓa ƙaninki ba shi da abin nunawa. Su kuma rubuta tsakaninsu abin da za a yi in ɗaya ya samu wuri a makaranta ko ya bar karatu a tsakiyar shekara: za a mayar masa da ragowar kuɗinsa, ko shi zai kawo wanda zai maye gurbinsa, kuma sai ɗayan ya amince da wanda aka kawo?

Garba_Mai_Haƙuri:
Ni a ganina in zai haɗa ɗaki, ya haɗa da wanda iyaye suka san iyayensa. In rigima ta taso akwai manyan da za a kira.

Ummu_Hanan:
Baba, da girmamawa, ni na ga akasin haka. Wanda aka sani shi ne ake jin nauyin tambayarsa kuɗin wuta, a yi ta haɗiyewa har zumunci ya ɓaci. Gara ɗan ajinsu da suke da lakca lokaci ɗaya, suna kwana suna tashi tare.

Malam_Lissafi:
Amma ɗan aji bai san shi ba tukuna a makon da ake kama ɗaki. Matsalar ke nan.

Saddiqu_Gidaje:
Shi ya sa wasu ke kama na wata uku ko na zango ɗaya tukuna, in mai gida ya yarda. Yakan ɗan fi tsada a wata, amma yaro ya san gari ya san mutane kafin ya ɗaure kansa shekara. Ba kowane mai gida ke yarda ba dai.

Yaya_Hajjo:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na ƙara maganar tambayar maƙwabta da daidaita sunaye uku, da lissafin Bint_Usman na shekara, da awowin Malam. Na Injiniya da na Nas na mayar da su takarda daban da zai riƙe a waya ranar ganin ɗaki, don kada wasiƙar ta yi tsawon da ba zai karanta ba. Na kuma rubuta masa da babban baƙi cewa in wani abu ya faru ya kira ni kafin ya ci bashi. Saura abu ɗaya da ya tsaya mini. Jami'ar ta ce za a yi rabo na biyu na ɗakunan kwana bayan an fara karatu. In ya biya hayar shekara sannan sunansa ya fito, an yi asara. In ya jira bai fito ba, ɗakunan kusa sun ƙare. Akwai wani ɗan uwanmu na nesa a garin da zai iya sauka wurinsa na ɗan lokaci, amma gidan yana can ƙarshen gari.

Garba_Mai_Haƙuri:
Ya sauka wurin ɗan uwan, amma a faɗa masa ranar tashi tun kafin ya zo, kada zama ya zama nauyi.

Bint_Usman:
Ni kuma na ce kada ya jira. Makonnin farko ne ake rajistar kwasa-kwasai ana gane azuzuwa, ba lokacin zama a ƙarshen gari ba ne.

Lauya_Sadiya:
Kafin a yanke, a tambayi mai gidan ko zai yarda a rubuta cewa yaro yana iya kawo wani ɗalibi ya karɓi ragowar hayar da saninsa. In ya yarda, asarar ta ragu sosai. Ya kuma tambayi 'yan shekara ta biyu yadda rabo na biyu ya kasance bara, mutum nawa suka sani da suka samu. Yaya Hajjo, an sa ranar da za a fitar da sunayen, ko dai cewa kawai aka yi za a yi?